Surukin Ciyaman da Famfon Gidanmu

Abin da idona ya fara sauka a kai ranar da aka kawo ni Birnin Kudu daga Gwaram shi ne tankin ruwa. Ina cikin mota a lulluɓe, ƙawayena sun matse ni ta ko'ina, na ɗan ɗaga gefen mayafi don in sha iska, sai na hango shi, baƙi wuluk a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, ya ɗara duk rufin unguwar tsawo, can bayansa kuma duwatsu. A littattafan soyayyar da na tashi ina haya a kasuwa, amarya gidan bene take fara hangowa, mai fitilu da furanni. Ni tanki na samu, kuma na karɓe shi hannu biyu. A gidanmu na Gwaram tun ina ƙarama da guga na san ruwa, har tafin hannuna ya yi kanta. Da na shiga gidan aurena na tarar da famfo a tsakar gida, na murɗa ruwa ya zubo, sai na ji lallai ni ma na shiga littafi.

Gidan na haya ne, ɗaya daga cikin gidaje uku da ke jere a layin makarantar Islamiyya, duk na wani dattijo manomi da ke zaune a Dingaya, can ƙasarmu ta Gwaram. Sau ɗaya a shekara yake zuwa, bayan kaka, ya karɓi kuɗin haya ya koma. Maigidana direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Birnin Kudu da Kano. Ba mai yawan magana ba ne. Na daɗe ina jiran ranar da zai riƙe hannuna ya ce ni ce hasken idonsa, amma abin da ya fi faɗa in ya dawo shi ne, "Yau ma sun ƙara wa mai kuɗi."

Ruwan da nake murɗawa na ƙungiyar unguwa ne. Mazauna layukanmu ne suka haɗa kuɗi tun kafin zuwana aka haƙa rijiyar burtsatse, aka ɗora tanki, aka sayi janareta. Wanda ya ja bututu zuwa gidansa yana biyan kuɗin wata, da shi ake sayen fetur, a yi gyara, a kuma sallami 'yan sintirin da ke tsaron unguwa. Ni duk ban san wannan ba sai a bazarar shekarata ta biyu, ina da ƙaramin ciki, ko warin guga ba na iya ji, lokacin da ruwan ya fara zuwa yau gobe babu. Sai aka yi shela cewa ranar Lahadi bayan la'asar akwai taro a filin Islamiyya, ciyaman zai yi jawabi.

Katangarmu ce ta raba gidanmu da filin, shi ya sa tun kafin a idar da salla mata suka cika min tsakar gida. Inna mai awara, maƙwabciyata ta gidan tsakiya, ta zo da tabarmarta da tsintsiyar da take ɗaurewa. Matar ciyaman ma ta zo, wadda nake kira Yaya, ta zauna can gefe kusa da famfo tana gyaran zogale. An aro lasifikar masallaci, don haka komai a kunnenmu. Ni kuwa na taka turmi na leƙa ta wata kafa da ke saman katanga.

Ciyaman tsohon malamin firamare ne, siriri, mai tabarau da farar hula da ta sha wanki. A littattafaina duk wanda ake kira ciyaman yana da tumbi da zobba da direba. Wannan da tsohon babur ya zo, ya jingine shi a jikin darbejiya. Bayan liman ya yi addu'a ya miƙe, ya gaida mai unguwa da dattawa, ya busa lasifikar sau biyu.

"Jama'a, ban tara ku don in faɗa muku abin da ba ku sani ba," in ji shi. "Kowa a nan yana zuwa kasuwa. Kuɗin da muke ɗauka mu cika jarkar fetur a shekarun baya, yau in na kai shi gidan mai ko rabinta ba ya kaiwa. Janareta kuwa ba ya jin ban haƙuri, abin da ka zuba masa shi yake sha. Injin da ke cikin rijiya ya ƙone a bara, mun gyara. Bana ruwa ya yi ƙasa, ya sake ƙonewa, an sake yi masa naɗin waya, mai gyaran ya ce in ya kuma sai dai sabo. Na tambayi kuɗin sabo a Kano, da aka faɗa min sai da na nemi wurin zama."

Aka yi dariya kaɗan. Shi bai yi ba.

"'Yan sintirinmu ga su can zaune. Watanni suna bin mu. Ko batirin tocila daga aljihunsu suke saya. Ɗayansu ya ce min in damina ta faɗi zai koma gona a Kiyako, kuma ban ga laifinsa ba. Ga kwalbatin bakin layi ta cushe, in ba mu yashe ta kafin ruwan farko ba, kun san gidajen da ruwa zai kwana. Duk wannan da me za a yi? Da kuɗin watan da muka yanka tun abubuwa suna da sauƙi, wanda shi ɗin ma wasu ba sa kawowa."

"Ciyaman, albashi ma bai ƙaru ba!" wani ya ɗaga murya daga baya.

"Nawa ma bai ƙaru ba, Malam, ni da ke jiran fansho. Ba ni na sa wa fetur kuɗi ba. In akwai wanda ya san inda ake sayar da shi a tsohon farashi, ga jarka can, ga babur."

Daga nan ya kawo shawarar shugabanni. Za a ƙara kuɗin wata. Sannan duk gidan da ake bi bashi, in wata ya ƙare bai biya ba, za a toshe bututunsa daga bakin layi, ya koma sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa. Fili ya kaure da surutu. Inna mai awara ta ce, "Madalla, a toshe musu, mu da muke biya mu huta." Na ce da ita haka ne, Inna, don na san maigidana ba ya wasa da haƙƙin mutane.

Sai ciyaman ya fara kiran waɗanda ake bi. Ɗaya bayan ɗaya yake ambaton sunan mutum da na mahaifinsa, ba ya tauna baki, har da wani ɗan'uwansa. Wanda aka kira ya miƙe ya ba da uzuri, wani ya ce sai an yi albashi, wani ya ce sai ya sayar da tunkiya, a yi masa tsiya ya zauna. Ina jin daɗin abin kamar ina karanta babin da asirin mugaye ke tonuwa. Can sai muryarsa ta canja. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Sai kuma gidajen nan uku na layin Islamiyya," in ji shi. "Mai koriyar ƙofa, da na tsakiya, da na ƙarshe. Shekara biyu ƙungiya ba ta ga kuɗinsu ba."

Ƙofarmu ce koriya. Na kusa faɗowa daga kan turmi. Inna mai awara ta saki tsintsiya ta dafe ƙirji. "Na tsakiya? Ni?"

Na hango maigidana ya miƙe. Na ce a raina yau zan ga jarumina ya yi tsawa fili ya girgiza. Hannu ya ɗaga kamar ɗan aji.

"Ciyaman, Allah ya ba ka haƙuri, mu fa mun biya. Duk shekara in mai gidajen ya zo karɓar haya yakan ce mu haɗa masa da kuɗin ƙungiya na shekara, shi zai kawo, tunda shi ya ja bututun da sunansa. Mu ukun nan haka muke yi."

Mazajen sauran gidajen biyu suka ce ƙwarai haka ne.

Ciyaman ya daɗe yana kallon ƙasa. "Ƙungiya ƙofa ta sani," in ji shi a hankali. "Inda ruwa yake shiga, nan take bi."

"To a kira wanda ya karɓa mana!" in ji wani mai shayi, wanda duk unguwa ta san bakinsa ba ya da linzami. "Kowa an kira shi da sunan ubansa, har ni da ake bi wata biyu kacal. Wane ne mai gidajen? Ciyaman, faɗi sunansa mu ji, ko lasifikar ce ta lalace?"

Dariyar da aka yi har tsuntsaye suka tashi daga darbejiya. Mai unguwa yana cewa a yi hankali, liman yana salati. Ciyaman ya buɗe baki ya rufe, ya kuma buɗewa. Abin da ya fito shi ne, "Na gama. Ƙarshen wata." Ya ajiye lasifikar ya zauna, ta yi ta ƙara ita kaɗai har wani ya kashe.

Na sauko kaina a ɗaure. Mun biya, an yarda mun biya, kuma mu za a toshe wa ruwa. Wanda ya karɓa kowa ya san shi, har dariya ake, amma an ƙi kiransa. Na juya in tambayi Yaya, sai na ga wurinta wayam, ta bar tiren zogalenta a gindin famfo.

"Ke yarinya ba ki sani ba?" in ji Inna. "Ai tsohon Dingaya shi ya haifi wadda ta tashi daga nan. Surukin ciyaman ne. Ta ina zai kama sunansa a gaban jama'a, balle ya ce ana bin sa bashi? Ko a ɗaki ba ya iyawa."

"To sauran shugabannin fa? Ma'aji ba shi da baki?"

"Ma'aji ya ce maganar gida ce, kara yake yi wa ciyaman. Ciyaman yana jin kunyar tsoho. Mu kuma ga mu da cikin wata uku da kaskon awara."

Da maigidana ya shigo na tare shi da tambaya tun bai cire takalmi ba. Ya ce shi ba zai biya sau biyu ba, ko yana so ma babu, abin da ya samo yau a tankin mota ya ƙare. Na ce to ya kira tsohon a waya. Ya ce tsohon ba ya riƙe waya, kuma shi ɗan haya ne, in ya aika da saƙon da ya yi kama da tuhuma, bayan kaka sai mu nemi wani gidan. Ya ƙara min da wani abin da ma'aji ya tsegunta masa bayan taro, wanda ya sake rikita ni: ashe shekarar farko ciyaman daga aljihunsa ya riƙa zuba kuɗin gidajen uku a ɓoye, ma'aji kaɗai ya sani, sai da tsada ta ci ƙarfinsa ya daina, ya kuma ce kada a lissafa nasa a matsayin an biya.

"To shi ne mugun ko tsohon?" na tambaya.

"Wa ya ce miki akwai mugu? Zubo min tuwo."

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ne ina saƙa da warwara. Ban saba da labarin da ba shi da mugu ba. Wata rana in yanke cewa tsohon azzalumi ne mai jan ido, wanda tun farko bai so a ba ciyaman 'yarsa ba. Washegari in ce a'a, wata tsohuwar gaba ce a kan gona. Har na taɓa raya cewa ciyaman ya yi wa Yaya alkawari ranar aurensu, a gindin wata bishiya, cewa ba zai taɓa ɓata wa mahaifinta rai ba, sai na zauna ina hawaye a kan labarin da ni na ƙirƙira. Amma kullum na murɗa famfo sai in tuna ƙarshen wata yana matsowa. Na tambayi mai ga-ruwa kuɗin kurar ruwa guda, na lissafa da wanka da wanki da haihuwar da ke tafe, na ga ba za mu iya ba.

Saura mako guda Yaya ta yi sallama da hantsi, ta ce ta zo ɗaukar tirenta. Ta zauna, muka gaisa. Can ta ce, "Tun ranar taro ba ya cin abinci sosai. Ya sayi abin toshe bututu ya ajiye a ƙarƙashin gado, in ya shigo ya kalle shi ya fita." Ta ɗan yi murmushi. "Na ji an ce kina son zuwa ganin innarki a Gwaram. Ni ma na kwana biyu ban gaida Baba ba."

"Ciyaman ne ya aike ki?"

"Shi? Ya ce a gaida mutan gida, shi ke nan. Bai tambaye ni me zan je yi ba, ban faɗa masa ba."

Maigidana ya ba ni izini, ya sa mu a motar wani abokinsa. A Gwaram na shiga na gaida innata a tsaitsaye, daga nan muka hau babura zuwa Dingaya, gonaki duk an share ana jiran ruwa. A hanya na shirya fuskar da zan yi in na ga azzalumi.

Wani ɗan guntun tsoho muka tarar a zaure yana ɗinke buhu, gemunsa fari fat. Ya ga 'yarsa ya washe baki, ya ga ni ya ce, "A'a, amaryar koriyar ƙofa! Rufin ɗakin bai yi yoyo ba dai?" Ya sa aka dama mana fura. Yaya ta durƙusa ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi shanu, ta tambayi ƙafarsa da ke ciwo, sai da na fara tunanin ta manta abin da ya kawo mu. Sannan ta ce, tana kallon tabarma, "Baba, ruwa ne ake shirin yanke wa mutanen gidajenka. Wai kuɗin ƙungiya bai isa ba."

Bai ko razana ba. "Ai ajiyarsu na nan. Ku taso."

Ya kai mu wani ɗaki a bayan rumbuna ya ture ƙyaure. Buhunan dawa ne a jingine a kan itace don kada sanyin ƙasa ya taɓa su, an ware wasu gefe guda. A jikin kowane ɗaya daga cikin na gefen an zana wani abu da gawayi. Na matsa na duba. Famfo ne, har da ɗigon ruwa.

"Kuɗin takarda in ka ajiye shi narkewa yake kamar gishiri a ruwa," in ji shi. "Ran da na karɓa, washegari nake kai shi kasuwa, lokacin dawa tana araha. Na bara waccan na sayar da bazara, na sake saye da kaka na haɗa da na bara. Ko ƙwaro bai taɓa su ba, ina sa musu magani. Yanzu ku je ku tambayi kuɗin buhu."

"To Baba me ya sa ba ka aika ba?" Ni ce na yi tambayar, bakina ya riga hankalina.

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ba ya tafiya da ka. "In aika wa yaron nan da kuɗi? Mijin 'yata? In kira shi in ƙirga masa a hannu kamar mun yi cinikin akuya? Shi ne shugaba, in buƙata ta taso ai sai ya turo wani. Shekara biyu ina zuba ido ban ga kowa ba, na ce to suna da wadata. Da Salla ya zo gaisuwa, ya tsuguna can bakin zaure, kansa a ƙasa. Na ɗauko zancen ruwa, na ce yaya rijiyarku, ya ce lafiya lau, Allah ya ƙara girma. To me zan ce kuma?"

Yaya ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba dariya take ko kuka. Sai tsohon ya ɗaure fuska. "Shi ya turo ki?"

"Wallahi Baba bai san na zo da maganar ba."

"Hm," in ji shi. Ban ga alamar ya yarda ba.

Ranar kasuwa ƙanin Yaya ya kai buhunan aka sayar, ya kawo kuɗin Birnin Kudu ya damƙa wa ma'aji a gaban mai unguwa, kwana biyu kafin wata ya ƙare. Ba a toshe mana bututu ba. Na ɗauka a nan labari zai rufe, kowa ya yafe wa kowa. Ashe sabon ruɗani ne ya buɗe, domin kuɗin dawar ya biya bashin shekara biyu har ya yi rara mai kauri, kuma da aka koma filin Islamiyya ba a san ta wa ce rarar ba. Na sake hawa turmi.

Maigidana da sauran 'yan haya suka ce kuɗinsu ne ya haihu, a lissafa musu a watannin gaba. Ma'aji ya ce tun ranar da suka miƙa shi ya zama na ƙungiya, ribar ta ƙungiya ce. Wani ya ce tsohon fa, da ya yi dako da magani da gadi? Mai shayi ya ce shi ma daga yau masara zai saya da kuɗin watansa, a zo a karɓa baɗi. Wani dattijo ya ce in da dawar faɗuwa ta yi, wa za a kama? Aka juya ga liman, ya ce mas'alar tana buƙatar ya duba littafi. Inna mai awara ta ce da ni daga ƙasa, "Wa ya ci?" Na ce, "Inna, ban gane ba tukuna."

Mai unguwa ne ya raba gardama. Ya ce ma'aji ya sanar da shi komai, a fara mayar wa ciyaman abin da ya zuba daga aljihunsa, sauran a biya 'yan sintiri. A nan ne yawancin mutane suka fara jin cewa ya taɓa zubawa. Ciyaman ya miƙe, bai karɓi lasifika ba, sai da na kasa kunne sosai.

"Abin da na zuba na zuba, a haɗa a bai wa 'yan sintiri, a yashe kwalbati. Ƙarin kuɗin wata yana nan, don fetur bai sauko ba. Daga yau kowane ɗan haya ya kawo nasa hannun ma'aji ya karɓi rasit, kada a sake bi ta hannun kowa. Sannan ina roƙon ku nemi wani shugaban. Na kira mutane da sunan iyayensu a filin nan, na zo kan wani wuri na tsallake, na ɗora wa waɗanda ba su ci ba. Kuma in gobe aka maimaita, tsallakewa zan sake yi. Wanda yake da inda ba ya iya takawa bai kamata ya riƙe muku wannan aiki ba."

Aka yi ta ba shi baki, har mai shayi ya ce shi fa wasa yake. Bai janye ba. Ya tura baburinsa, sai da aka taya shi turi kafin ya tashi.

Da yamma na ce da maigidana, "Kai za ka iya barin kujera saboda babana?" Ya daɗe yana tauna tuwo, na zuba masa ido ina jiran kalmar da na shekara biyu ina jira. Ya ce, "Wace kujerar gare ni in ba ta mota ba?" Amma da zai fita sallar isha ya tsaya ya murɗa famfo, ya cika min duk bokitan da ke tsakar gida ya jere su a ƙofar ɗaki, abin da bai taɓa yi ba. Har yau ban san a wane babi zan sa wannan ba.

Injin rijiyar ya sake ƙonewa kafin in haihu, aka yi karo-karo na musamman, aka yi wata guda ana sayen ruwa, mu da waɗanda ba su taɓa fashin biya ba duka. Daga baya ƙungiya ta tara aka sa sola, janaretan yana nan a ɗakin tanki kaji suna ƙwai a bayansa. Shugabanni biyu aka yi bayan malamin, kowanne da irin jawabinsa na ƙarshen wata.

Shi kuwa har yanzu Ciyaman ake ce masa. Fanshonsa ya fito, ya sayi 'yar gona a hanyar Kiyako, kullum da sassafe yana wucewa ta ƙofarmu da fartanya ɗaure a bayan babur. Yaya ta ce min tsohon ya daɗe yana zaton Ciyaman ne ya turo ta, shi kuma ya san ana zaton, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa ɗaga maganar har tsohon ya rasu. Gidajen uku suka faɗo a rabon Yaya, don haka yanzu Ciyaman ne ke zuwa karɓar haya bayan kaka, kuma ko ka miƙa masa kuɗin ƙungiya da hannu biyu ba ya taɓawa, sai ya nuna maka gidan ma'aji. Autansu, wanda aka haifa a shekarar rasuwar, sunan tsohon aka sa masa. Rannan na ji Ciyaman a bakin tanki yana kiran yaron ya fito daga cikin taɓo. Mai shayi ya leƙo daga rumfarsa ya ce, "Ciyaman, wai yaya ma sunan yaron nan na gaskiya?" Ya gyara tabarau, ya kama hannun ɗansa, ya ce, "Taho mu tafi gida, Baffa."